Yadda ake tantance takardar babban manaja mai neman kujerar darakta

Na yi shekaru ina zama a kwamitin ɗaukar manyan ma'aikata na wani kamfanin dafa abinci a Jidda, wanda yake ciyar da alhazai a lokacin aikin Hajji, yake kuma kai abinci otal-otal a sauran watanni. Duk sanda kujerar darakta ta buɗe, takardun tarihin aiki sukan taru a gabanmu, abin da Larabawa ke kira sira zatiyya, mu kuma mu ce sibi. Kusan kowace takarda tana ɗauke da lambobi uku: yawan kuɗin da mutum ya riƙe, yawan mutanen da ya shugabanta, da abin da ya ce ya cim ma. Yawanci lambobin gaskiya ne. Abin da takardar ba ta faɗa shi ne nawa ne daga ciki yake ƙarƙashin ikon mai ita, wanda in ya ce a yi za a yi, in ya ce a bari za a bari. Wannan shi nake nema a kowane layi, kuma shi zan nuna yadda ake tono shi.

Zan yi amfani da takardu biyu a matsayin misali. Lambobinsu na tsara su ne don lissafi ya fito fili, amma irinsu muke gani kullum.

Mataki na farko: auna kujerar kafin ka auna mutum

Kada ka buɗe takardar kowa sai ka rubuta girman kujerar a shafi guda. A misalinmu ana neman daraktan ayyuka. Kasafin da zai riƙe riyal miliyan 120 ne a shekara. Shugabannin sashe shida za su riƙa kawo masa rahoto. Ma'aikatan dindindin 400 ne, a mausim kuma, wato lokacin aikin Hajji, su haura 1,500. Abin da masu kamfani suke so daga gare shi cikin shekara uku shi ne ya samo kwangilolin da za su riƙa kawo kuɗi duk shekara, don kamfani ya daina rataya a kan 'yan makonnin Hajji da Ramadan.

A nan ne kuma za ka tambayi sashen ma'aikata ko doka ta keɓe wannan muƙami ga 'yan ƙasa, da inda kamfani yake a Niɗaƙat, tsarin gwamnati na auna yawan 'yan ƙasa a cikin ma'aikatan kamfani. In kujerar ta ɗan ƙasa ce, ka huta da karanta rabin takardun.

Mataki na biyu: kasafin kuɗi

Nan ne zan daɗe, domin nan aka fi ruɗar kwamiti.

Takarda ta farko ta ce: “Na kula da kasafin riyal miliyan 300.” Ta biyu ta ce: “Na riƙe kasafin sashe na riyal miliyan 70 a Madina, kafin nan naira biliyan 9 a wani kamfanin abinci a Kano, a 2022.” Wanda ya karanta da gaggawa zai ɗora ta farko a sama. Ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin aikatau ɗin da kowa ya yi amfani da shi. “Na kula da”, “na taimaka wajen”, “na yi aiki a kan”, duk kalmomi ne da mutum yake fakewa a bayansu in kuɗin sun bi ta teburinsa ne kawai. “Na tsara”, “na kare a gaban hukumar gudanarwa”, “na amince da” sun fi nauyi, don ana iya bin diddiginsu.

Daga nan sai ka yi wa lambar tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya.

Na shekara nawa ne? Miliyan 300 ɗin nan, da muka duba shafi na biyu, ashe darajar kwangila ce ta shekara uku. Ke nan miliyan 100 a shekara. Tun ba a je ko'ina ba kashi biyu cikin uku sun zube.

Kuɗin shiga ne ko na kashewa? Darajar kwangila kuɗi ne da abokin ciniki zai biya kamfani. Kasafi kuwa shi ne abin da aka ba ka ka kashe, aka ce ka fitar da aiki da shi. Mutane da yawa suna haɗa su wuri guda, wasu da gangan, wasu don ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. In kasafin kashewa ne, ka raba shi gida biyu: na gudanar da aiki na yau da kullum, kamar albashi da cefane da haya, da na jari, kamar gina sabon kicin ko sayen motocin sanyi. Wanda ya sa hannu a sayen motoci na miliyan 30 sau ɗaya bai yi wahalar wanda yake fama da cefanen miliyan 30 wata bayan wata ba, inda farashin shinkafa da kaji yake motsi a ƙarƙashinsa.

Sai tambayar da na fi ba muhimmanci: nawa yake iya sa wa hannu shi kaɗai? Kowane kamfani mai tsari a ƙasar nan yana da jadawalin salahiyya, takardar da ta nuna cewa manaja yana amincewa da kashe kuɗi zuwa kaza, darakta zuwa kaza, abin da ya haura sai babban mudir ko hukumar gudanarwa. Wannan lamba ba ta cika fitowa a sibi ba, don haka rubuta ta a gefen takarda ka ajiye wa ranar ganawa. Mai takarda ta farko, da aka tambaye shi, iyakarsa riyal 50,000. Duk abin da ya wuce haka sai ya hau sama. Sashen kuɗi ne yake tsara kasafin, a miƙo masa, shi kuma ya bi. Mai ta biyu iyakarsa riyal miliyan ɗaya, shi yake zama da shugabannin sassansa a ƙarshen shekara su gina kasafin layi-layi, shi yake tsayawa gaban masu kamfani ya kare shi, in an wuce gona da iri shi ake kira. Wanda yake riƙe da miliyan 70 ta wannan hanya ya fi kusa da kujerar darakta a kan wanda miliyan 100 suke wucewa ta gabansa.

Na taɓa goyon bayan wani da muka ɗauka saboda girman lambar da ke takardarsa, ban tambayi iyakar sa hannunsa ba. Mutum ne mai gaskiya da ƙwazo. Amma da lokacin tsara kasafi ya zo, sai ya riƙa jiran a kawo masa lambobi daga sama, alhali shi ne saman. Wata biyu aka yi kasafi bai fito ba, odar naman mausim ta makara, aka saya da tsada. Shi kansa ya sha wahala a kujerar da ba a shirya shi dominta ba, kuma alhakin hakan yana wuyanmu mu da muka zaɓe shi. Tun daga ranar ba na barin wannan tambaya.

Saura batun canji, wanda ya shafe mu sosai tunda 'yan'uwanmu da yawa suna zuwa da tarihin aiki daga Najeriya ko Sudan. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, saboda haka lambar riyal ta bara da ta shekara goma baya ana iya jera su. Naira ba haka take ba. Biliyan 9 na 2022 sai ka canza su da farashin shekarar da aka kashe su. A lokacin dala tana wajen naira 430 a farashin gwamnati, ke nan kusan dala miliyan 21, wato riyal miliyan 78 da ɗoriya. In ka yi kuskure ka canza da farashin bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, ka ce dala naira 1,500, za ka samu dala miliyan 6, riyal miliyan 22 da rabi. Ka ga an zalunci mutumin, an mai da aikinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Haka fam ɗin Sudan: a watan Fabrairu na 2021 an karya darajarsa a hukumance daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya. Mai takardar da ya ce kasafinsa ya ninka sau shida tsakanin 2020 da 2021 a Khartum, mai yiwuwa ko buhu ɗaya bai ƙaru a sitonsa ba.

Bayan ka tace, sai ka kwatanta da kujerar. A ganina, daga miliyan 70 zuwa 120 hawa ne da mutum zai iya, bai kai ninki biyu ba. In tazarar ta wuce ninki uku nakan ja baya, sai dai in akwai gogaggen mai kula da kuɗi da zai tsaya kusa da shi a shekarar farko.

Mataki na uku: mutanen da ke ƙarƙashinsa

Takarda ta farko ta ce ma'aikata 2,000, ta biyu ta ce 260. Duk wanda ya san aikin mausim ya san inda zai taɓa. Daga cikin 2,000 ɗin, 1,800 'yan wucin gadi ne da kamfanin samar da leburori yake kawowa na mako shida, albashinsu da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, da horonsu duk a hannun wancan kamfani. Tafiyar da taro irin wannan a Mina da Arfa, cikin zafi da cunkoso, aiki ne na gaske, kuma ina girmama masu yin sa. Sai dai gwaninta ce ta fili, kujerar darakta kuma wata gwanintar take nema.

Abin da za ka zana a gefen takarda shi ne tsani. Mutum nawa ne suke kawo masa rahoto kai tsaye, kuma su wane ne? Na farko yana da masu sa ido huɗu, a ƙarƙashinsu sai ma'aikata. Hawa biyu ke nan, kuma duk aiki iri ɗaya suke yi, rabon abinci. Na biyu yana da manajoji biyar: na kicin, na saye, na sito da sufuri, na tsafta da ingancin abinci, da na hulɗa da otal-otal. Kowannensu yana da nasa masu sa ido. Hawa uku, sana'o'i biyar. Darakta yana aiki ne ta hannun manajoji, kuma yawancin ranarsa tana tafiya wajen raba gardama tsakanin mutanen da kowannensu yana da gaskiya: mai saye yana son ya kwashi kaya da yawa don ya samu rahusa, mai sito yana cewa babu wurin sanyi, mai inganci yana cewa kwanan kayan ya kusa ƙarewa. Wanda bai taɓa zama a tsakiyar irin wannan ba, zai koma yin abin da ya saba, ya sauka kicin yana ƙirga faranti, manajojinsa su zauna suna kallonsa.

Duba kuma ko yana da ikon ɗauka da sallama, da ko wani ya girma a hannunsa. Takarda ta biyu tana da layi guda da ya ja hankalina: biyu daga manajojinsa masu sa ido ne da ya horar ya ɗaga. Irin wannan layi yana da sauƙin tabbatarwa, kuma yana nuna cewa in ya tashi ba zai bar rami a bayansa ba.

Mataki na huɗu: sakamako, da raba shi da sa'ar lokaci

Takarda ta farko ta ce: “Na ƙara kuɗin shiga da kashi 250 cikin ɗari daga 2021 zuwa 2023.” Kafin ka yaba, tuna abin da ya faru a waɗannan shekaru. A 2019 alhazai sun kusa miliyan biyu da rabi. A 2020 annobar korona ta sa aka taƙaita Hajji ga 'yan tsiraru mazauna ƙasa. A 2021 mutum 60,000 aka ba izini. A 2023 adadin ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ninki talatin na 2021. Duk mai sayar da abinci ko mai bas ko mai otal a Makka cinikinsa ya tashi a wannan tsakani, ko ya yi dabara ko bai yi ba. Saboda haka shekarar da aka fara aunawa ita ce abin dubawa. Ka ce masa ya kwatanta 2023 da 2019. In a can ma ya ɗara, to akwai magana.

Akwai wani tarko ƙarami makamancin wannan. Harajin sayayya ya fara a kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, aka ɗaga shi zuwa 15 a Yulin 2020. A littafin kamfani ba a lissafa shi cikin kuɗin shiga, amma wanda ya ɗauko lambarsa daga jimillar rasitai zai ga ƙarin kusan kashi 9 da rabi cikin ɗari ba tare da ya sayar da ƙarin faranti ko ɗaya ba. Tambaye shi ko lambar da haraji ce ko babu.

Sakamakon da nake yarda da shi yana da gaɓoɓi huɗu a jere: yadda aka samu abin, shawarar da shi ya yanke, yadda abin ya koma, da tsawon lokacin. Ga na takarda ta biyu: ya tarar abincin da ake asara ya kai kashi 11 cikin ɗari na cefane, ya rufe kicin ɗaya daga cikin uku ya haɗe girki a biyu, ya sauya odar kayan gwari daga mako-mako zuwa kowace kwana biyu, asara ta sauka zuwa kashi 6 cikin wata 18. Yanzu sai ka yi lissafin da kanka. In cefane miliyan 40 ne daga cikin kasafinsa na 70, ragin kashi 5 ya zama riyal miliyan 2 a shekara. Lambar ta zauna daidai cikin kasafin da ya ambata. Da ya ce ya ceto miliyan 25 daga cefanen miliyan 40, da ka san akwai lauje cikin naɗi.

Rufe kicin ɗin nan shi ya fi burge ni, fiye da miliyan biyun. Aikin darakta zaɓi ne, kuma kowane zaɓi yana da abin da ake sadaukarwa. Ka nemi inda mutum ya daina wani abu, ya ƙi wata kwangila mai kyan gani don ba riba a cikinta, ko ya ɓata wa wani rai don amfanin kamfani. Takardar da duk ƙari ce, an buɗe kaza, an faɗaɗa kaza, ba a taɓa rufe komai ba, sau da yawa ta mai aiwatar da shawarar wasu ce.

Amma kada ka manta da shafin da ka rubuta tun farko. Masu kamfani kwangilolin duk shekara suke so, mutuminmu na biyu kuwa gwanin rage asara ne. Takardarsa ba ta nuna ya taɓa samo sabon abokin ciniki ba. Wannan giɓi ne na gaske, ka rubuta shi ɓaro-ɓaro, ya zama tambayarka ta farko a ganawa.

Mataki na biyar: maki da tabbatarwa

Ni nakan raba maki ɗari haka: 35 ga kasafi, 25 ga jama'a, 40 ga sakamako. Kowane ɗan kwamiti ya ba da nasa shi kaɗai, da jimla guda ta dalili a gaban kowace lamba, kafin a zauna. In aka fara da tattaunawa, muryar babba ita take rinjaya, sauran su bi.

Wajen tabbatarwa, ka nemi shahadar aiki, wadda dokar ƙwadago ta wajabta wa kamfani ya ba ma'aikaci in ya bar aiki, ka kuma roƙi mai takarda ya fitar da tarihinsa daga GOSI, hukumar inshorar ma'aikata, da kansa. Can za ka ga sunayen kamfanoni da ranakun shiga da fita, ka jera su da na sibi. In sana'ar da ke kan iƙamarsa ko a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, ta saɓa da muƙamin da ya rubuta, kada ka yi saurin yanke hukunci, don sanannen abu ne a nan mutum yana aikin manaja da iƙama mai wani suna. Tambaye shi, ka kuma tambayi wanda ya shugabance shi. Kada ka kira inda yake aiki yanzu sai da izininsa, za ka iya raba shi da abincinsa. Kada kuma ka nemi ya kawo maka takardun kuɗi na tsohon kamfaninsa. Wanda ya kawo maka nasu ba tare da ka tambaya ba, gobe naka zai kai wa wani.

In ka samu tsohon shugabansa a waya, bar tambayar ko mutumin kirki ne, kowa zai ce eh. Ka ce: “Ranka ya daɗe, nawa yake sa wa hannu shi kaɗai? Wa ya kawo shawarar rufe kicin ɗin? Manajoji nawa ne suke ƙarƙashinsa?” In amsoshin sun yi daidai da abin da ya faɗa maka, ka samu abin dogaro.

Wani abu da ba zan tsallake ba, tunda mu Hausawan Hijaz kowa ya san gidan kowa. Za a kawo maka takarda har gida. Ni Baffana ne ya taɓa zuwa bayan sallar isha da ambulan a hannu, ya ce, “Ɗana, wannan yaron namu ne, ka duba masa.” Na karɓa da hannu biyu na ce, “Baffa, zan sa ta cikin sauran, a auna ta da mudun da ake auna kowa. Amma zan gaya wa kwamiti na san shi, kuma ba ni zan ba shi maki ba.” Bai ji daɗi ba a daren, amma hakan ya kare ni, ya kuma kare yaron, don da ya samu kujera ta hannuna da ba wanda zai yarda cancantarsa ce.

A misalinmu, na biyu ne aka kira ganawa a gaba, da tambayar kwangiloli tana jiran sa. Na farko ba a watsar da takardarsa ba. An miƙa ta ga mai neman manajan ayyukan mausim, inda gogewarsa da mutum 1,800 a Mina ita ce ainihin abin da ake buƙata, aka kuma ba da shawarar a ɗaga iyakar sa hannunsa zuwa riyal 250,000, a sa shi ya tsara kasafin sashensa da kansa tun shekarar farko.